Gwiwa ta ce 155, hannu ya ce 166: wanne ne tsawon majinyaciyar da ba ta iya tsayawa?

"Salamu alaikum Malama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban daɗe da fara aiki a sashen tsofaffi ba. Muna da wata baba mai shekara 74, shanyewar ɓarin dama ta kwantar da ita, bayanta kuma ya ranƙwafa. Nauyinta kilo 47. An ce in cike mata BMI, ma'aunin nauyi bisa tsawo. Na auna gwiwarta ta hagu na sami santimita 48.5, lissafi ya ba ni tsawon 155. Na auna daga tsakiyar ƙirji zuwa ƙarshen yatsa na sami 83, na ninka biyu ya zama 166. Wanne zan rubuta? Ko ni ce na yi kuskure?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Mai yiwuwa ba ki yi kuskuren komai ba. Rubuta 155, ki kuma rubuta a gefensa cewa ƙiyasi ne daga awon gwiwa. Amma kada ki jefar da 166 ɗin nan, akwai abin da yake gaya miki, zan zo kansa.

Dalilin da ya sa ake komawa ga hannu ko ƙafa shi ne, tsawon mutum yana raguwa da tsufa, amma ba ko'ina yake raguwa ba. A gadon baya asarar take. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana bushewa ya sirance, su kansu ƙasusuwan idan sun yi rauni sukan lotsa, sai baya ya lanƙwashe. Dogayen ƙasusuwan hannu da na ƙwauri kuwa, da zarar mutum ya gama girma, kusan a nan suke tsayawa har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa idan mutum ya kasa miƙewa sai mu nemi ƙashin da ciwo da shekaru ba su taɓa ba, mu auna shi, mu yi lissafin sauran jiki daga gare shi.

To a nan hanyoyin biyu suka rabu. Faɗin hannu, wato daga ƙarshen yatsan tsakiya na wannan hannu zuwa na wancan idan an ware su, abin da muka sani da gaba ɗaya a awon igiya, ba ya la'akari da shekaru ko kaɗan. Abin da yake nuna miki ya fi kusa da tsawon baba lokacin da take budurwa. Lissafin gwiwa kuwa an saka shekaru a cikinsa, yana cire wani abu a kan kowace shekara, saboda haka yana ƙoƙarin gaya miki tsawon da tsohuwa mai shekarunta za ta nuna yau da a ce za ta iya tsayawa. Tambayoyi biyu kika yi wa jikinta ba ki sani ba, ta kuma ba ki amsa biyu.

Akwai ƙari. Maganar da ake koya wa ɗalibai cewa faɗin hannu daidai yake da tsawo kusantawa ce kawai. A manya, hannu yakan ɗara tsawo, kuma binciken da aka yi a wurare dabam-dabam ya nuna cewa a baƙar fata tazarar ta fi girma fiye da a Turawa, domin gaɓoɓinmu sun fi tsawo idan aka gwada su da gangar jiki. Haɗa wannan da tsufa da ranƙwafawar baya, tazarar santimita 11 da kika gani ba ta ba ni mamaki ba.

Yadda ake auna gwiwa

Kafin ki dogara da 48.5, ki sake awon, domin duk santimita ɗaya da kika kuskure a gwiwa zai zama fiye da ɗaya da rabi a tsawo.

Baba tana kwance rigingine, ko tana zaune a bakin gado idan tana iya zama. A cire takalmi da safa, a yaye zane daga kan gwiwa. Ki lanƙwasa gwiwa har cinya da ƙwauri su yi kusurwa digiri 90, sannan ki ɗago tafin ƙafa shi ma ya yi digiri 90 da ƙwauri. Wannan na biyun shi ake yawan mantawa. Majinyacin da ya daɗe a kwance ƙafarsa takan saki ta miƙe ƙasa, diddige ya ja sama, in kika auna a haka lambar ba ta da amfani. Ki sami wani ya riƙe miki ƙafar, aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Abin awon na asali ƙarfe ne mai tsawo da baki biyu, ɗaya a kafe ɗaya yana zamewa. Bakin da ke kafe yana shiga ƙarƙashin diddige. Mai zamewar yana sauka a kan cinya, kamar santimita 3 daga saman ƙoƙon gwiwa zuwa wajen cinya, ba a kan ƙoƙon kansa ba. Sandar tana bin gefen ƙwauri ta waje, ta wuce ta kan idon sawu. Ki danna bakin kaɗan don naman ya lotsa, ki karanta. Ki sake daga farko. Idan awo biyun suka bambanta da fiye da rabin santimita, ki yi na uku.

Na san yawancin sassa ba su da wannan ƙarfen. Abin da nake yi idan babu shi: allo ko littafi mai taurin bango a ƙarƙashin diddige, rula a kwance a kan cinya a wurin da na faɗa, sannan in auna tsakaninsu da sandar awo marar lanƙwasa. Tef mai laushi da aka ɗora a kan fata yana bin tudun nama da kumburi, sai ya iya ƙarawa. Wannan dabara ba ta kai ƙarfen ba, ban kuma ce ta kai ba, amma ta fi tef nesa ba kusa ba.

An saba auna ƙafar hagu. A wajen baba abin ya zo daidai tunda dama ce ta shanye. Da hagu ce ta shanye, da na ce ki auna dama ba tare da wata damuwa ba. Lafiyayyar ƙafa ta fi bin al'adar littafi.

Lissafin da kika zaɓa

Lissafin gwiwa ba ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawo a littattafai shi ne na Chumlea da abokan aikinsa na 1985, na masu shekara 60 zuwa 90, kuma a jikin tsofaffin Amurka farar fata aka gina shi. A 1998 suka fitar da sababbi daga babban binciken lafiyar jama'ar Amurka, suka raba su bisa jinsi da asali. Na baƙar fata masu shekara 60 zuwa sama ga su, duk a santimita:

```
Mata: tsawo = 89.58 + (1.61 × gwiwa) − (0.17 × shekaru)
Maza: tsawo = 79.69 + (1.85 × gwiwa) − (0.14 × shekaru)
```

Mu saka na baba. 1.61 sau 48.5 ya ba da 78.09. 0.17 sau 74 ya ba da 12.58. Haɗa 89.58 da 78.09, ki cire 12.58, za ki sami 155.1. Lissafinki daidai ne. Da kin yi amfani da na 1985, wato 84.88 a haɗa da 1.83 sau gwiwa a cire 0.24 sau shekaru, da kin sami 155.9. A wajenta bambancin bai kai santimita ɗaya ba, kada ki ɓata lokaci a kansa. Abin da zan ja kunnenki a kai kawai shi ne kada ki ɗauki lissafin tsofaffi ki ɗora wa ɗan shekara talatin da ya karye a ƙugu. Masu ƙasa da 60 suna da nasu, yara ma suna da nasu dabam.

Idan ba a san shekarun majinyaci daidai ba, abin da yakan faru da tsofaffi, asarar kaɗan ce. Kuskuren shekara biyar a mace bai kai santimita ɗaya a tsawo ba. Kuskuren hannunki a wajen awo ya fi wannan illa.

Ga kuma abin da ba a cika gaya wa sababbin ma'aikata ba. Ko kin auna gwiwa babu kuskure, lissafin kansa yana da nasa gejin, kimanin santimita 3.8 sama ko ƙasa. Ma'anarsa, a cikin mata uku masu gwiwa da shekaru irin na baba, biyu za su faɗa tsakanin 151 da 159, ɗaya kuma za ta fita waje. Don haka rubuta 155.1 da ɗigo yaudarar kai ce. Ki tuna kuma baƙar fatar Amurka aka auna, ba kowace baƙar fata ba. Shi ne mafi kusa da muke da shi a hannu a yawancin lokaci, amma kamanni ne, ba ainihi ba.

Awon hannu da tarkon da ke cikinsa

Majinyacin da ke kwance da wuya ya iya ware hannu biyu sosai, shi ya sa muke auna rabi. Kin fara daga tsakiyar ƙirji, amma ina so in san ina ne tsakiyar. Wurin farawa shi ne ɗan ramin nan da ke gindin maƙogwaro, tsakanin ƙasusuwan wuya biyu. Ki laluba shi da yatsa, ki sa alama. Hannu yana miƙe a gefe daidai da kafaɗa, gwiwar hannu a miƙe, wuyan hannu bai lanƙwashe ba, tafi yana kallon gaba. Idan kafaɗa ta ƙi ɗagawa zuwa nan, ko yatsu sun ƙandare, ki haƙura da wannan hannun. Tunda ninkawa za ki yi, kuskuren santimita ɗaya biyu zai zama.

Tarkon shi ne akwai awo biyu masu kama da juna, kuma ana rikita su. Na farko shi ne wanda kika yi, daga ramin wuya zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, a ninka biyu. Na biyu shi ne na Bassey na 1986, wanda yake tsayawa a gindin yatsu, a tsakanin yatsan tsakiya da na zobe, kuma ba a ninka shi, lissafinsa ake bi:

```
Mata: tsawo = (1.35 × awo) + 60.1
Maza: tsawo = (1.40 × awo) + 57.8
```

Na taɓa faɗawa cikin wannan tarkon a shekarata ta farko. Na auna wani dattijo har ƙarshen yatsa, na saka lambar a lissafin Bassey, na rubuta masa tsawon da ko a samartakarsa bai taɓa kai wa ba. Babbar ma'aikaciyar sashen ce ta dubi fayil ta dubi gado ta tambaye ni ko mutum biyu na haɗa. Gwada da baba ki gani: 83 a lissafin Bassey zai ba ki 172. Duk lokacin da kika ga ƙaramar tsohuwa ta fito da tsawo irin wannan a takarda, ki fara zargin an cakuɗa awon biyu.

Ni a ra'ayina, ninka rabin hannu biyu a rubuta shi a matsayin tsawo ba tare da gyara ba, shi ne mafi rauni a duk hanyoyin nan ga tsofaffinmu, duk da cewa shi ya fi sauƙi. Idan kina so ki gani da idonki, ki ɗauki majinyata ashirin ko talatin masu iya tsayawa, ki auna tsawonsu a bango, ki auna faɗin hannunsu, ki rubuta tazarar. Ba bincike ba ne da za a buga, amma zai nuna miki yadda hannu yake ɗara tsawo a mutanen da kike gani kullum, kuma bayan haka ba za ki sake kallon lambar hannu kamar da ba.

Abin da lambar za ta jawo

Ba don tsawon kansa muke wannan wahala ba, don abin da za a gina a kansa ne. BMI nauyi ne a raba da tsawo sau tsawo, a mita. Da 155, wato 47 a raba da 2.40, baba tana da 19.6. Da 166, wato 47 a raba da 2.76, tana da 17.1. Iyakar da ake cewa babba ya rame ita ce 18.5. Kin ga zaɓin hanya kaɗai ya mayar da ita daga wannan gefen layi zuwa wancan, ba tare da ta rasa ko giram ɗaya ba.

Yanzu ki ɗora gejin lissafin gwiwa a kai. Idan ainihin tsawonta 151 ne, BMI ɗinta 20.6. Idan 159 ne, 18.6. Wato ko ta hanyar da na fi yarda da ita, baba tana bakin layi. Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata ta shiga fayil: tana kusa da iyaka, tsawon kuma ƙiyasi ne. Da yake ta tsufa kuma tana da shanyewar jiki, wadda sau da yawa takan taɓa haɗiya, ni ba zan kalli 19.6 in ce lafiya lau ba. Tsofaffi ma yawancin ma'aunan tantance rama suna fara nuna damuwa tun kafin a sauko 18.5.

Saboda haka ki nemi shaidar da ba ta bukatar tsawo. Ki auna kaurin damtsenta na hagu, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin kan kafaɗa da gwiwar hannu. A MUST, ma'aunin tantance rama na Birtaniya, damtse ƙasa da santimita 23.5 yana nuna mai yiwuwa BMI bai kai 20 ba. Ki tambayi 'ya'yanta ko kayanta sun yi mata yawa a 'yan watannin nan, ko akwai tsohon katin asibiti mai nauyinta na baya. Raguwar nauyi cikin wata uku zuwa shida ta fi BMI na rana ɗaya faɗar gaskiya. Ki kuma danna ƙwaurinta ki ga ko yatsa yana barin rami, domin ruwan kumburi yana ƙara kilo, sai ya ɓoye rama.

Akwai wurin da kuskuren tsawo ya fi BMI haɗari, ko da yake ba a sashenku ake yin sa ba. Idan aka ɗora majinyaci a kan na'urar numfashi, yawan iskar da ake hura masa a kowane numfashi daga tsawonsa ake lissafa shi, domin girman huhu tsawo yake bi, ba ƙiba ba. Ga mace, nauyin da ake fitarwa daga tsawo a yi lissafin iskar da shi shi ne 45.5 a haɗa da 0.91 sau abin da tsawonta ya ɗara 152.4. A 155 kusan kilo 48 ke nan, a 166 kusan 58. Idan ana ba da mililita 6 a kowane kilo, ɗaya zai ba da kusan 287, ɗayan kusan 347. Mililita 60 a kowane numfashi, dare da rana, ba ƙaramin abu ba ne ga huhun da ke ciwo. Wannan hukuncin likitocin sashen kulawa ta musamman ne, ba nawa ba, amma lambar da kika rubuta yau tana iya bin fayil har can, kuma wanda zai karanta ta ba zai san daga ina ta fito ba sai kin gaya masa.

A nan ne ma 166 yake da ranarsa. Masu gwajin ƙarfin huhu, idan suka sami mai ƙusumbi ko karkataccen baya, faɗin hannu sukan koma gare shi tare da gyara, domin suna neman tsawon da jikin ya ginu a kai ne kafin baya ya lanƙwashe. Haka kuma babbar tazara tsakanin hannu da tsawo a tsohuwa mai ranƙwafaffen baya tana iya zama alamar ƙasusuwan bayanta sun lotsa saboda raunin ƙashi. Ba hujja ba ce, tunda wani ɓangaren tazarar halittarta ce, amma ta isa ki ambata wa likita lokacin zagaye.

Inda gwiwa ba ta aiki

Gwiwa na zaɓa wa baba saboda ƙafarta ta hagu lafiya take, kuma lissafin ya san da shekarunta. Ba kowa zan zaɓa wa ita ba. Wanda shan inna ta taɓa tun yana yaro, ƙafar ba ta girma yadda ya kamata ba, gwiwarsa za ta rage masa tsawo, hannu ya fi. Haka wanda ya taɓa karyewa a ƙwauri ya ɗore a gajarce, ko wanda gwiwarsa ta ƙandare ba ta kai digiri 90. Mai kumburin ƙafa sosai ko mai kaurin cinya, naman yana ƙara wa awon, sai ki danna da kyau ki kuma rubuta cewa akwai kumburi.

Idan ƙafa da kafaɗa duk sun ƙi, akwai ƙashin sangalin hannu: daga tsinin gwiwar hannu zuwa ƙullutun ƙashin wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa, hannu yana ɗore a ƙirji. Shi ya fi sauƙi a gado, teburinsa yana cikin takardun MUST, sai dai a Birtaniya aka gina shi, kuma matsalar dogayen gaɓoɓi tana nan, yakan ƙara wa baƙar fata tsawo. Majinyacin da yake iya miƙewa sambal a kwance kuwa, babu ranƙwafa babu ƙandarewa, ki daidaita gadon, ki cire matashi, ki sa alama a saman kai da diddige, ki auna tsakani. Yakan ɗan ɗara tsawon tsaye, amma awon mutumin ne kansa. Baba ba ta cikin waɗannan saboda bayanta.

A fayil ɗinta ga abin da zan rubuta da ni ce ke: kwanan wata, gwiwar hagu 48.5, tsawo kusan 155 ta lissafin Chumlea na 1998, rabin faɗin hannu 83, nauyi 47, BMI kusan 19.6 bisa ƙiyasi, sai kaurin damtse idan kin auna. Ki bar ɗanyun lambobin a rubuce don wanda ya zo bayanki ya iya sake lissafi da kansa. Daga nan kada a sake ƙiyasta tsawon kowane mako ta wata sabuwar hanya, in ba haka ba BMI zai riƙa hawa da sauka saboda tef, ba saboda baba ba. A riƙe 155, a riƙa auna nauyi da damtse mako-mako a kan sikeli ɗaya da hannu ɗaya.